Kundin aikin HACCP a kicin ɗinmu: tukunyar romo da agogo

3 ga Fabrairu

Yau muka soma. Mai gidan abincin ya ba ni wata uku in kafa tsarin HACCP a kicin, wato tsarin gano inda haɗari ke shiga abinci da tsare wurin, wanda mu a nan muke kira hasap, shi ya sa na buɗe wannan kundi don in riƙa rubuta abin da muka gani da abin da muka sauya. Gidan namu matsakaici ne: kujera 90, faranti kamar 250 a rana idan an samu jama'a, ma'aikatan kicin 11, babban firji guda wanda ake shiga ciki da ƙafa, da ƙanana uku a gefen murhu.

Asalin tsarin ba don gidajen abinci aka ƙirƙiro shi ba. A shekarun 1960 ne kamfanin Pillsbury da hukumar NASA da dakunan binciken sojojin Amurka suka tsara shi don abincin 'yan sama jannati, domin ba yadda za a yi a gwada kowace loma kafin a tura ta sama. Sai suka koma duba hanyar da abinci ke bi, su gano inda haɗari ke shiga, su tsare wurin. Daga baya hukumar Codex ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓe shi a 1993 da ƙa'idojinsa bakwai. Masana'anta na iya yin kaya ɗaya a layi ɗaya, mu kuwa jerin abincinmu kala 46 ne. Idan na ce zan rubuta wa kowanne tsarinsa, shekara za ta ƙare ban gama ba.

Don haka na bi hanyar da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta shawarci gidajen abinci: a raba abinci gida uku bisa yawan ratsawar da yake yi ta tsakiyar zafin da ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa, wato tsakanin digiri 5 da 57 a ma'aunin salshiyos. Akwai wanda ba a dafawa, kamar salak. Akwai wanda ake dafawa a ci a ranar, kamar gasasshiyar kaza. Sai wanda ake dafawa, a huce shi, a ajiye, a sake ɗumamawa. Na ƙirga, kala 13 ne suka faɗa gida na uku, kuma kusan dukkansu sun dogara da abu biyu: romon kaza da shinkafa.

Mu huɗu ne a kwamitin: ni, babban kuku, mai kula da sito, da mai wanke-wanken dare. Na dage a sa na ƙarshen, domin shi ne yake ganin abin da ke faruwa bayan kowa ya tafi gida.

9 ga Fabrairu

Kafin komai, ma'aunai. Muna da ma'aunin zafi mai allura guda biyar. Na cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara, na zuba ruwa kaɗan, na juya, na tsoma kowanne ya yi minti guda ba tare da ya taɓa gindin kofin ba. Ya kamata ya nuna 0. Uku sun nuna daidai, ɗaya ya nuna 1, ɗaya kuma 4. Mai nuna 4 ɗin shi ne wanda ake auna kaza da shi a wurin gashi. Idan kuskurensa ya ɗore haka har sama, ke nan duk lokacin da ya ce 74 kazar tana 70 ne. Mun ajiye shi, mun sayi sababbi biyu.

Ban yi gwajin da tafasasshen ruwa ba, saboda ruwa yana tafasa a digiri 100 ne a daidai matakin teku kawai, yana raguwa idan wuri ya yi tudu. Ƙanƙara kuwa ba ta da wannan matsalar.

13 ga Fabrairu

Na zana hanyar romo a takarda kamar yadda babban kuku ya faɗa mini: a karɓi kaza, a ajiye a firji, a dafa, a tace, a huce, a ajiye, a ɗumama, a zuba. Amma zane ba ya zama gaskiya sai an bi shi da ƙafa, don haka jiya na kwana da tukunyar.

Lita 40 ce. An sauke ta ƙarfe 9:30 na dare, aka bar ta a gefen murhu "ta sha iska" har ƙarfe 11:00. Na auna tsakiyarta, digiri 68. Aka rufe ta da murfi, mutum biyu suka kinkima suka kai firji. Ƙarfe 12:00 tana 57. Ƙarfe 2:00 na dare tana 46. Na tafi na ɗan kwanta, na dawo ƙarfe 6:00 na safe na tarar da 29, ƙarfe 8:00 kuma 23. Jikin tukunyar sanyi ƙalau idan ka dafa hannu, kitse ya daskare a sama, duk wanda ya gani zai rantse ta huce. Wannan kitsen da murfin su ne ma suka riƙe zafin a ciki. Iskar firjin ita ma ta tashi daga 4 zuwa 9 har na tsawon awa uku, wato tukunyar ta ɗumama madara da naman da ke kusa da ita.

Iyakar da kundin dokar abinci na Amurka ya sa ita ce: daga 57 zuwa 21 cikin awa biyu, sannan a kai 5 kafin cikar awa shida gaba ɗaya. Tukunyarmu ta yi awa takwas ba ta ma kai 21 ba.

Na ce a zubar. Babban kuku, dattijo ne da ya fi shekara ashirin yana girki, ya dube ni ya ce, "Malam, haka nake yi tun kafin ka fara aiki, kuma ai da safe muna tafasa shi." Na ce, "Baba, gaskiyarka ce, tafasar ce ta rufa mana asiri. Amma akwai ranar da ake ɗibar romon nan a zuba a miya mai ɗumi ba a tafasa ba, ko a jiƙa shinkafa da shi." Ya yi shiru, don ya san ana yi.

Na zauna na yi masa bayanin abin da nake tsoro. Akwai ƙwayar cuta mai suna Kulostiridiyom Fafirinjens da ke zuwa da ɗanyen nama da kaza. Idan ta ji wuya takan lulluɓe kanta cikin ɓawo mai tauri kamar iri, kuma tafasar girki ba ta kashe wannan irin duka. Dahuwa takan kashe sauran ƙwayoyin da ke gogayya da ita, ta kori iskar da ke cikin romon, ita kuma ba ta son iska. Da zafi ya sauko, sai irin ya tsiro. A wajajen digiri 43 zuwa 47 tana iya ninkuwa cikin kamar minti goma. Ko mun ce minti 15 ne, awa uku ninki 12 ke nan, ƙwaya ɗaya ta zama fiye da dubu huɗu. Ba wari, ba kumfa, ɗanɗano bai sauya ba. Wanda ya ci kuma sai bayan awa 8 zuwa 16 ciwon ciki da gudawa su kama shi, yana gida, ba lallai ne ya danganta shi da mu ba. Rashin ƙorafi ba shaida ba ce.

18 ga Fabrairu

Zaman nazarin haɗari. A kowane mataki mun tambayi abu uku: me zai iya shiga ko ya yaɗu a nan, ƙwayar cuta ce ko sinadari ko wani abu kamar gilashi da guntun ƙashi, yaya yiwuwarsa, idan ya faru yaya muninsa.

Daftarina na farko ya fito da wuraren tsaro na dole guda 14. Da na karanta wa kwamitin, mai wanke-wanke ya ce, "Oga, idan za mu cike takarda 14 kullum, yaushe za mu yi aikin?" Ya faɗi gaskiya. Wurin tsaro na dole shi ne matakin da idan aka kuskure shi babu wani mataki a gaba da zai gyara, kuma akwai adadin da za a auna a ce an wuce ko an faɗi. Wanke hannu, raba katakon yanka ɗanyen nama da na ganye, maganin ƙwari, hana mai amai ko gudawa taɓa abinci, duk wajibi ne, amma su ne harsashin da ake gina tsarin a kai, suna da jadawalinsu daban. Karɓar ɗanyar kaza ma na cire ta daga jerin. Muna auna ta a ƙofa, muna mayar da wadda ta haura digiri 5, amma ƙwayar cutar Salmonela da ke jikinta a wurin dahuwa ake kashe ta.

Huɗu suka rage: dahuwa, hucewa, sake ɗumamawa, da ajiyar abinci mai zafi a layin zubawa. Iyakokinmu: kaza 74 a tsakiya, hucewa kamar yadda na rubuta a sama, ɗumamawa zuwa 74 cikin awa biyu, ajiyar zafi kada ta gaza 57. Waɗannan adadin Amurka ne. Birtaniya, alal misali, 63 take nema a ajiyar zafi. Duk mai yin irin wannan aiki ya fara duba dokar inda yake, idan ta fi tsauri ita zai bi.

Maganar abubuwan da jikin wasu ba ya karɓa, kamar gyaɗa da ƙwai da madara, na ware mata zama na musamman, don ba ma'aunin zafi ne ke maganinta ba.

24 ga Fabrairu

Mako guda muna gwajin hucewa, kuma a nan ne aikin ya fi ɗaukar hankalina.

Gwaji na farko, mun raba romon a bokitai huɗu na roba masu lita goma. Awa biyu bayan ya sauko 57, tsakiyar bokiti tana 38. Ya faɗi. Roba ba ta sakin zafi, kuma zurfin ya yi yawa. Abin da ke hukunci a hucewa shi ne nisan da zafi zai yi tafiya daga tsakiya zuwa waje, ba ƙarfin firji kaɗai ba.

Na biyu, tiren ƙarfe marasa zurfi, romo bai wuce santimita 5 ba, a buɗe, a saman kantar firji. Lita 40 ta cinye tire shida. Awa biyu, 24. Saura ƙiris, amma faɗuwa ce, kuma firjin ya sake ɗumama.

Na uku shawarar babban kuku ce, kuma ita ta ci. Ya ce tunda ruwa muke zubawa tun farko, me zai hana a rage ruwan a dafa romon da kauri, a cike da ƙanƙara a ƙarshe? Na yi lissafi a bayan takarda. Kilo ɗaya na ƙanƙara yana shan zafi wajen narkewa kawai daidai da abin da zai sauke kilo ɗaya na ruwa da digiri 80. Lita 30 a digiri 90, a zuba kilo 10 na ƙanƙara, ya kamata a samu lita 40 a kusan 48. Muka gwada, ma'auni ya nuna 50, bambancin kuma zafin jikin tukunya ne. Sai muka juye a tire shida, muka jera su cikin kwatamin wanki da aka tsabtace aka cika da ruwa da ƙanƙara, ana juyawa duk minti 15. Awa ɗaya da minti biyar, 20. Daga nan firji, a buɗe, da tazara tsakanin tire da tire don iska ta ratsa. Awa uku da rabi bayan haka, 5. Sannan aka rufe, aka rubuta kwanan wata.

Abu biyu na rubuta da jan biro a takardar aikin. Ƙanƙarar da za ta shiga cikin romo abinci ce, dole daga ruwan sha take, da cokalin ɗiba mai tsabta, ba wadda aka kwantar da kifi a kai ba. Na biyu, da zarar an zuba ƙanƙara romo ya riga ya sauko ƙasa da 57, don haka agogo ya fara a wannan minti, ba lokacin da aka gama juyewa a tire ba.

Sai wata matsala ta fito wadda ban hango ba. Idan aka sauke romo ƙarfe 9:30 na dare, awo na ƙarshe zai faɗo wajen ƙarfe biyu, kicin kuwa ƙarfe 11:00 yake rufewa. Iyakar da ba wanda zai auna ta ba iyaka ba ce. Mun mayar da dahuwar romo safe: a zuba ƙanƙara ƙarfe 2:00 na rana, a kai 21 kafin 4:00, a kai 5 kafin 8:00 na dare, duk ana nan. Wannan sauyin jadawalin ya fi duk wata na'ura da zan roƙi a saya amfani.

3 ga Maris

Shinkafa. Haɗarinta daban ne, kuma ya fi rashin yafiya. Ƙwayar cutar Basilus Siriyos ma tana da irin da ke tsallake dahuwa, amma idan ta yaɗu a dafaffiyar shinkafa mai ɗumi takan zuba guba a cikin abincin, gubar kuma ba ta mutuwa da tafasa ko suya. Wanda ya ci yakan fara amai cikin awa ɗaya zuwa biyar. Ke nan abin da Baba ya dogara da shi a romo, cewa tafasar safe za ta gyara, ba ya aiki a nan ko kaɗan.

Da, ana barin ragowar a tukunyarta a rufe. Yanzu ana baza ta a tire, kaurinta bai wuce santimita 3 ba, a wargaza ta da cokali, a kai firji da tururi ya lafa. Ta kai 21 cikin minti 50. Dokarmu ta cikin gida: shinkafar da ta kuskure iyaka ba a ɗumama ta, zubarwa ake yi, kuma ba a ɗumama shinkafa sau biyu.

11 ga Maris

Dahuwar kaza ba ta ba mu wahala ba. A soka allura a wuri mafi kauri na cinya, kada ta taɓa ƙashi, a auna biyu mafi girma a kowane tire, ɗaya daga kusurwar tanda da muka gano ta fi sanyi, ta hagu daga ƙasa. Idan ba ta kai 74 ba a mayar. A goge allura da maganin kashe ƙwayoyi bayan kowane awo, don kada ma'aunin da kansa ya kwashi cuta daga wadda ba ta nuna ba ya kai wa wadda ta nuna. Launin nama da tsabtar ruwan da ke fita daga jikinsa mun daina dogaro da su.

23 ga Maris

Na zauna da takardun mako uku, raina ya ɓaci. A shafin kaza na aikin dare, kwana tara a jere, 74, 74, 74, da biro ɗaya da hannu ɗaya. Kaza ba ta fitowa daga tanda haka. Awon gaskiya yakan ba da 79 yau, 83 gobe, wata rana 71 a mayar da ita. A shafin hucewa kuma akwai awon ƙarfe 8:00 na dare da na gani an riga an rubuta tun ƙarfe 6:30.

Na kira yaron da ya rubuta su, ni da shi kaɗai. Bai musa ba. Ya ce, "Oga, allon takardar yana bakin ofis, ma'auni yana aljihun wani, oda na ta shigowa. Kuma na zaci idan na rubuta abin da bai kai ba za a cire mini a albashi."

Wannan maganar ta biyu ta dame ni fiye da ta farko. Idan ma'aikaci yana tsoron rubuta faɗuwa, takardar ta zama ado, ni kuma ina kallonta ina ganin komai lafiya. Na tara kowa na faɗa musu a gaban mai gida cewa ba wanda za a hukunta don ya rubuta adadin da ya gaza, wanda za a hukunta shi ne wanda ya rubuta abin da bai auna ba. Mun rataye allo da ma'auni a kowane wurin aiki, mun rage ginshiƙan takardar daga tara zuwa biyar: abinci, lokaci, adadi, me aka yi, sa hannu. Mun sa agogo mai ƙararrawa a jikin ƙofar firji.

1 ga Afrilu

Faɗuwa ta farko da aka rubuta da gaskiya. Injin ƙanƙara ya tsaya da rana. Romo mai kauri na kan wuta, ƙanƙarar da ta rage ba ta kai kilo huɗu ba. Suka cike da ruwan sanyi, suka juye a tire, ya sauko 57 ƙarfe 2:20. Ba wankan ƙanƙara, sai firji kai tsaye. Wanda ke kula da shi ya shiga hidimar wata babbar oda, bai dawo ba sai 4:35, ya tarar da 27. Ya rubuta 27, ya kira ni.

Awa biyu ta wuce, don haka tire shida suka tafi kwata. Mai gida bai ji daɗi ba, ni ma haka, kaza da aikin rabin yini ne. Amma laifin tsarina ne a wani ɓangare: na sa awo a ƙarshen awa biyu, lokacin da ba sauran abin yi. Na gyara takardar. Yanzu akwai awo a minti 75. Idan romo ya haura 30 a lokacin, alama ce ba zai kai ba, sai a mayar da shi wuta ya kai 74, a sake hucewa daga farko ta hanya mafi sauri, sau ɗaya tak. Na kuma ƙara layi: kafin a ɗora romo a duba akwai ƙanƙara kilo 25, goma na ciki, sauran na kwatami. Idan babu, a dafa rabin tukunya. Mun kuma ajiye robobin ruwa masu murfi guda shida a firiza don irin wannan rana.

14 ga Afrilu

Tantancewa. Na aro ƙaramar na'ura mai naɗar zafi duk minti biyar, na tsoma ta a tiren da ke tsakiyar jeri ba tare da na gaya wa masu aikin rana ba, kwana uku. Abin da ta naɗa da abin da suka rubuta ba su saɓa da fiye da digiri biyu ba. Takardun kaza ma yanzu sun yi kama da na mutanen da ke aunawa, akwai 77, akwai 85, akwai 70 guda biyu da aka rubuta "an mayar" a gefensu.

Na'urar ta tona wani abu daban. Tsakanin 7:00 da 8:30 na dare, lokacin da ake yawan buɗe ƙofa, iskar firji tana kaiwa 8, kuma ranar ta uku romo ya kai 5 ne saura minti 20 awa shida ta cika. Tazarar ta yi kaɗan. Labulen robar ƙofar ya yage, an kuma jibge kwalaye a gaban fankar ciki. An kwashe kwalayen yau, mai gyara zai zo ya sa labule ya duba robar bakin ƙofa.

Babban kuku yana son ƙara wata miya mai kauri a jerin abinci wata mai zuwa. Ita ba za a iya zuba mata ƙanƙara a ciki ba, kuma abu mai kauri ya fi romo jinkirin sakin zafi, don haka sakamakon gwajin romo bai shafe ta ba. Mun shirya gwada ta ranar 21, a zurfin santimita 5 da kuma 3, mu ga wanne zai kai 21 kafin awa biyu. Layin zubawa shi ma yana jira: tukunyar da ke ƙarshen layi ta nuna 54 sau biyu a makon nan, kuma ina zargin ruwan ƙarƙashinta ne ke ƙafewa ba a ƙarawa.